Ɗayyaba da Takardun Kawu Hodi

A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi akwai wani asibitin kuɗi na wani dattijon likita mai suna Dakta Maliki. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya ɗakin gaggawa na wannan asibiti ya san Sista Ɗayyaba, ko da bai riƙe sunanta ba. Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya, kuma idan tana bakin aiki ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo. 'Yan jinya kan yi ƙorafin cewa ta cika faɗa. Amma ka lura da su idan abu ya rincaɓe, jini na zuba ko numfashi na neman ɗaukewa, za ka ji masu ƙorafin nan ne ke fara tambayar ina gajeriyar nan ta shiga.

'Yar Gulma ce. Mahaifinta ya rasu tana goye, sai yayan mahaifiyarta, Malam Hodi, ya ɗauke su ita da uwar ya mayar gidansa. Masunci ne, bai taɓa zama aji ba, amma da bandar tarwaɗa da buhunan shinkafar fadama ya kai ta har makarantar koyon aikin jinya. Ranar da ta gama, sai da ya zagaye Gulma gida-gida yana gaya wa mutane, har waɗanda ba su tambaye shi ba. Ɗayyaba tana ƙaunar tsohon nan, kuma tana jin nauyinsa fiye da na kowa a duniya. Matar da ke daka wa ƙatti tsawa a ɗakin gaggawa, in ta zo gabansa ko ido ba ta iya ɗagawa.

Shekaru sun tafi, ta yi aure a Gwadangaji, ta haifi 'ya'ya uku, albashi kuwa yana nan inda yake kamar an kafa masa turke, kayan masarufi na ta gudu. Abokan aikinta wasu suka bar ƙasar, wasu suka buɗe shagon atamfa. Ita ba ta da sha'awar ko ɗaya. Abin da ke cin ranta daban ne: mutanen da ake kawo mata bayan an riga an ɓata su da taimako. Yaro ya ƙone, an shafe shi da manja da toka. Mai farfaɗiya an cusa masa cokali a baki. Wanda aka tsamo daga gulbi kuwa, an kife shi an yi ta danna masa ciki wai a fitar da ruwa, alhali numfashi yake bukata. Sai ta ga cewa abin da ta sani ɗin nan, wanda take yi kullum har ta daina ganin girmansa, akwai masu bukatarsa a wajen asibiti, kuma wasu daga cikinsu za su iya biya.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta tara 'yan kuɗinta, ta yi amfani da hutunta na shekara ta je ta yi kwas na masu koyar da taimakon farko da farfaɗo da numfashi, domin iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Ta yi wa sana'ar rajistar suna. Ta sayi mutum-mutumin roba na gwaji, rabin mutum ne daga kai zuwa ƙugu. Sannan ta shiga ofishin Dakta Maliki ta zayyana masa komai, tun kafin ya ji a bakin wani. Da a asibitin gwamnati take, da abin ya fi haka wuya, don dokar ma'aikata ta hana mai cikakken aiki gudanar da wata sana'a in ba noma ba. A nan kuwa magana tana hannun mai asibiti.

Dakta Maliki mutum ne mai tsantseni, sunan asibitinsa ya fi masa rigar wuyansa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Sista, taura biyu ba ta taunuwa. Ba ni son ki zaka aiki kina hamma."

"Ranka shi daɗe, ranakkun hutuna kaɗai za ni taɓawa," in ji ta. "In ka ga aikina ya ragu ko kaɗan, ni da kaina za ni bari."

Ya yarda, amma da sharuɗɗa, kuma ya sa aka rubuta su suka sa hannu. Ba za ta taɓa lokacin aiki ba. Ba za ta ɗauki ko auduga daga asibiti ba. Koyarwa za ta yi, ba duba marasa lafiya ba. Sharaɗin da ya fi nanatawa shi ne na suna: kada sunan asibitinsa ya fito a kan wani allo, ko takarda, ko sanarwa tata. Ranar da ya fito, ta zaɓi ɗaya, ko aikin ko sana'ar.

Haka ta fara. Wata makarantar kuɗi a Gwadangaji ta kira ta ta koya wa malamai abin da za su yi in yaro ya shaƙe ko ya suma. Daga nan wani kamfanin casar shinkafa ya ji labari, ya ɗauke ta ta horar da ma'aikatansa kan tsayar da jini da kula da ƙuna. Tana da tsarinta. Kafin ta je, sai an zauna an yarda da abin da za ta koyar, da yawan mutane, da ladanta, a ba ta wani abu a gaba. Ba ta ɗaukar taron da ya fi ƙarfin hannunta, don ta ce wanda bai durƙusa ya danna ƙirjin robar nan da hannunsa ba, kallo ya zo yi. A ƙarshe takan ba kowa takardar shaidar halarta mai ɗauke da sunan sana'arta, an rubuta ɓaro-ɓaro a ƙasa cewa wannan ba lasisin ba da magani ba ne. Wani manaja ya taɓa ba ta shawarar ta ajiye aikin asibitin ta rungumi wannan. Ta yi dariya ta ce masa ai abin da ta gani jiya a ɗakin gaggawa shi take sayar masa yau, in ta bar can, nan da shekara biyu tatsuniya za ta riƙa kawo masa.

Ana haka sai labari ya kai Gulma. A lokacin Kawu Hodi ya zama shugaban wata ƙungiya ta masunta da masu jiragen fito na yankin Argungu, kuma damina biyu a jere ruwa ya ci musu mutane. Ya aiko mata cewa ƙungiya ta yi karo-karo, ta zo ta koya musu. Ta so ta yi musu kyauta, ya ƙi. Ya ce ba zai bari a ce ɗiyarsa ta yi wa baƙi aiki da daraja ta zo gida ta yi na banza ba.

Aka yi horon a wata rumfa kusa da bakin gulbi a Argungu, ranakun hutunta guda biyu. Da ta fito da mutum-mutumin daga jaka, wani dattijo ya yi a'uziyya ya ja da baya, sai da liman ya ce kayan koyo ne kamar allo, ba abin bauta ba. Kafin azahar matasa sun raɗa masa suna Malam Shiru. Wahalar ta zo wurin hura numfashi. Mutanen da ke nutso su kamo giwan ruwa da hannu, ga su sun tsaya cirko-cirko suna jin kunyar sa baki a bakin roba. Ɗayyaba ta ce musu, "Wanda kunka hiddo ruwa, in ba shi numhwashi, ku bar cikinai, ba can matsala take ba. Ku kwantar da shi rigingine, ku ɗaga haɓatai, ku hura mishi iska tukuna. Sannan ku danna ƙirji talatin, ku hura biyu, ku ci gaba hakanan, wani kuma shi nemo mota." Ba wanda ya motsa. Sai Kawu Hodi ya tuɓe hula, ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa ya fara. Bayan shi ba wanda ya isa ya noƙe.

Wurin takardun shaida aka yi kuskuren. Makon ya zo mata da aiki ba sarari, don haka ta tura wa ƙungiya samfurin takardar ta waya, ta ce a kai wa mai buga takardu a Argungu. Kawu Hodi da kansa ya je. Ya sa aka karanta masa, ya ji sunan Ɗayyaba da na sana'arta kawai, sai abin ya yi masa wani iri. A wurinsu ba a kiran mutum tsurarsa, sai an ce wane na gidan wane. Ɗiyarsa kuwa ta gidan Dakta Maliki ce, ya za a bar ta kamar marar asali? Ya sa aka rubuta sunan asibitin da manyan baƙaƙe a sama. Layin nan na ƙasa mai cewa ba lasisi ba ne, ya ce a cire shi, don ba a ba mutum kyauta a bi shi da gori.

Ɗayyaba ba ta ga takardun ba sai ranar rufewa, an shimfiɗa tabarmi, an kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, manyan gari sun zauna, maroƙi yana ta wasa Kawu Hodi. Aka ajiye mata su ta sa hannu. Tana dubawa sai ga sunan asibitin a sama. Ta ɗaga kai ta ga tsohon yana kallonta, fuskarsa cike da murna, yana jiran ta yaba. Ta san abin da ya kamata ta yi, amma ta kasa kunyata shi a gaban mutanensa. Ta sunkuyar da kai ta sa hannu a kan dukkansu, tana ce wa ranta ai takarda ce, kowa zai kai ɗaki ya jefa a ƙarƙashin katifa.

Da yawa sun yi hakan. Amma a cikinsu akwai wani Tamba, surukin Kawu Hodi, mai ɗan teburin sayar da magunguna a gefen kasuwa, wanda ya shiga horon don yana da jirgin fito guda. Shi sai ya sa wa tasa gilashi ya rataye. Cin danƙo har da su kaza. Kafin wata biyu ya fara yi wa mutane allura, ana kiransa likitan ruwa.

Wata safiya aka kawo wata mata asibitin Dakta Maliki da zazzaɓi mai zafi, ɗuwawunta ya kumbura ya tara ruwa inda aka yi mata allura. Mijin ya ce shi ba zai biya kuɗin aiki ba, tunda yaron asibitin ne ya jawo. Aka ce wane yaro? Ya ciro waya ya nuna hoton takardar da ke rataye a teburin Tamba, ga sunan asibiti a sama, ga sa hannun Ɗayyaba a ƙasa.

Dakta Maliki bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Sai da suka gama tsaga ƙurjin tare, aka ɗaure, matar ta samu barci, sannan ya kira ta ofis ya tura mata wayar.

"Hannunki na wanga?"

"Nau na, Likita."

"Kin san abin da munka yi da ke."

"Na sani. Ba ni nis sa sunan ba, amma na gane shi kahin in sa hannu. Laihina na."

Ya janye wayar. Ya ce in hukumar da ke sa ido kan asibitoci ta ga wannan, cewa za ta yi yana yaye likitocin bogi, ita ma kuma lasisinta na jinya ba zai tsira ba. Ya ce ba ya son rasa ta, amma ba zai zauna da sunansa rataye a teburan kasuwa ba. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Ko dai kowace takarda ta dawo teburinsa, ba saura ko ɗaya, ko kuma ta nemi wani wurin aiki.

Ta koma bakin aikinta. Ba albashin kawai take tsoron rasawa ba, ko da yake da shi ake cefane. Ɗakin gaggawar nan shi ne rayuwarta, kuma shi ne tushen sana'ar tata. Makaranta da kamfani suna kiranta ne don ma'aikaciyar jinya ce mai ci, ba wadda aka kora kan takardun bogi ba.

Ranar hutunta ta farko ta shiga motar Argungu da sababbin takardu a jaka, waɗanda ta tsaya a kan mai bugawa har ya gama. Ta fara da Tamba. Ya so ya kawo mata zancen surukuta, ta ce masa matar da ya yi wa allura tana kwance, kuma in bai sauke takardar nan ya daina taɓa sirinji ba, ita da ƙafarta za ta kai ƙararsa. Ya sauke yana gunaguni. Daga nan ta bi sauran, wasu a bakin gulbi suna gyaran taru, wasu a fadama, wasu sai ta hau kabu-kabu zuwa ƙauyukansu. A kowane gida sai ta gaisa, ta sha ruwa, ta ce ita ta yi kuskure, ta karɓi tsohuwa ta ba da sabuwa. Wasu suka yi mata dariya, wasu suka ce sabuwar ba ta kai tsohuwar kwarjini ba. Ranakun hutunta duk suka ƙare a hanya, amma ba ta yi lattin aiki ko sau ɗaya ba.

Saura guda, ta Kawu Hodi. Ita ta bari ƙarshe, don ita take tsoro.

Ta same shi a zaurensa a Gulma, labari ya riga ya iso masa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Takardar tana rataye a bango, sama da inda yake zama. Ta yi bayani har ta kai ga sharaɗin da likita ya gindaya.

"Ni nis sa sunan ga don in girmama ki," in ji shi. "Yanzu kin bi gari gida-gida kina amsa, kowa na hwaɗin Hodi ya yi ma ɗiyatai ɓarna. Mi nir rage ki da shi?"

"Ba ka rage ni da komi ba, Kawu. Ni ta ban hwaɗa maka gaskiya ba rannan, don ina jin kunyarka. Da na hwaɗi, da ba a kai nan ba."

"To, wagga ba ta hita gidan ga. Tashi ki gaida innarki."

Ta tashi. Ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma sa kowa ya roƙe shi ba. A mota ta yi kukanta a cikin mayafi har suka wuce rabin hanya. Washegari ta kai wa Dakta Maliki abin da ta tara, ta ce saura ɗaya. Tana iya cewa ta ɓace, ko ruwa ya ci ta, kuma da wuya ya bincika. Amma ta ce masa tana nan a bangon zauren kawunta, ya hana, ita kuma ba za ta iya cire ta da ƙarfi ba. Likita ya ce magana ɗaya ya yi, wata bai ƙare ba tukuna.

Ana jibi wata zai ƙare, da hantsi, tana cikin ɗaure wa wani ɗan kabu-kabu ƙafa, aka ce mata wani tsoho yana nemanta a waje. Ta gama ɗaurin tukuna, ta wanke hannu, ta fito. Kawu Hodi ne, cikin babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, da wani abu a naɗe cikin ɗankwali a hammata. Mahaifiyarta ce ta gaya masa cewa da gaske korar ta za a yi. Bai amsa gaisuwarta sosai ba, ya ce ta kai shi wurin mai gidanta, wato likita.

A ofis ya kwance ɗankwalin ya ajiye takardar da gilashinta a kan tebur. Ya ce, "Likita, ni na Hodi. Ni nis sa sunanka, ba da saninka ba, ba da sanin yarinyag ga ba. Mu can haka muka yi, ba mu kiran mutum ba gidansu. In laihi na, nau na. Kak ka ɗebe ta aiki."

Dakta Maliki ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa kowa, ya ba shi hannu biyu. Ya ce magana ta wuce, Sista tana nan a bakin aikinta, kuma ta ci gaba da koyarwarta. Sharaɗi ɗaya ya ƙara: daga yau duk takardar da za ta raba, ita za ta tsaya a kan buga ta, ba aike.

Suka fito tare zuwa bakin titi inda keke ke tsayawa. Ta ce ya biya Gwadangaji ya ci abinci ya ga yara, ya ce a'a, yana son ya samu motar Argungu kafin rana ta yi zafi. Ta ga har yanzu da sauran ciwo a ransa, kuma ta san ba yau zai warke ba. Ta ciro sabuwar takardarsa daga jaka, wadda take yawo da ita tun ranar da ta je Gulma, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya riƙe ta nesa da ido, yana duba rubutun da ba ya iya karantawa.

"Waccan da nib bayas," in ji shi a hankali, "ita ta takarda ta hwarko da anka rubuta sunana bisa, tun da anka haihe ni."

Sai yanzu Ɗayyaba ta gane. Ashe ba taurin kai ba ne, ita kuwa duk zirga-zirgar nan ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba.

Ya nuna tsakiyar takardar da yatsa. "Nan sunana na?"

"Naka na, Kawu."

Ya sauke yatsan ƙasa. "Nan hwa? Na wa anka sa?"

"Nau na, ni ɗai."

Ya shimfiɗa ɗankwalin a kan gwiwarsa ya naɗe takardar a hankali don kada ta lanƙwashe. "To, ai ke ma kin zama gida," ya ce. Ya tsayar da keke ya shiga. Ta tsaya har ya sha kwana, ta share fuskarta da bakin mayafi, ta koma ɗakin gaggawa inda ake jiranta.